Ba kowane *si* ne «kansa» ba: yadda ake fassara aikatau masu wakilin suna daga Italiyanci zuwa Hausa

A shekarata ta farko ina tafinta a Italiya, an kira ni wani asibiti don in tsaya tsakanin ma'aikaciyar jinya da wani mutum da ya zo neman labarin ƙanensa. Ta ce: *Si è tagliato al lavoro.* Ni kuwa na taɓa haddace cewa *si* na nufin «kansa», sai na juya na ce wa mutumin: «Ya yanki kansa a wurin aiki.» Nan take fuskarsa ta sauya. Ya dafa bango, ya tambaye ni ko yaron yana da wata damuwa ce da ba su sani ba. Abin da matar ta faɗa bai wuce cewa ƙarfe ya yanke shi a hannu ba. Na gyara maganar, amma a 'yan daƙiƙun nan na sa bawan Allah ya zaci ɗan'uwansa ya nemi hallaka kansa.

Tun daga ranar nake bin wasu tambayoyi a jere duk lokacin da na ci karo da waɗannan ƙananan kalmomi. Su ne zan shimfiɗa a nan.

Da farko, ka san su da ido

Wakilan sunan guda shida ne: *mi, ti, si, ci, vi, si*. Na farko na ni ne, na biyu kai ko ke, na uku shi ko ita, sai mu, sai ku, sai su. *Si* ya zo sau biyu, domin tilo da jam'i duka shi ne. Ana sa su a gaban aikatau: *mi lavo, ti lavi, si lava, ci laviamo, vi lavate, si lavano*. Furucin *ci* daidai yake da «ci» namu na cin abinci, *ce* kuma kamar «ce» na faɗi, don haka bakin Bahaushe ba ya wahala a nan.

A ƙamus ba za ka samu *mi lavo* ba. Za ka nemi *lavarsi*, wato *lavare* da aka yanke wa wasalin ƙarshe aka liƙa *si*. Wannan liƙawar tana faruwa a cikin magana ma. A umarni na sabo ana cewa *alzati*, tashi, da *sediamoci*, mu zauna. Bayan aikatau irin *volere* da *dovere* kana da zaɓi: *mi devo alzare* ko *devo alzarmi*, ma'ana ɗaya. Saboda haka idan ka duba gaban aikatau ba ka ga komai ba, duba wutsiyarsa.

Abu ɗaya ka tabbatar kafin ka ci gaba: wakilin sunan da mai aikin mutum ɗaya ne? *Mi lavo* ni ne mai yi, ni ne kuma *mi*. Amma a *mi lava* wani ne yake wanke ni, kuma wannan ba ya cikin batunmu. A shuɗaɗɗen lokaci bambancin ya fi fitowa, domin duk aikatau mai komawa kan mai shi yana ɗaukar *essere*, ba *avere* ba. *Mi sono lavato* na yi wanka ne, *mi ha lavato* ya yi mini wanka. Idan kunnenka ya kama *mi sono, ti sei, si è, ci siamo, vi siete, si sono*, to ka shigo gidan da muke magana.

Tambaya ta ɗaya: za a iya sa *se stesso* a madadinsa?

*Se stesso* shi ne «kansa» na ainihi, mai nauyi. Ka cire *si* ka sa shi a bayan aikatau, ka ji ko jimlar ta tsaya da ma'anarta. *Si guarda allo specchio* tana iya zama *guarda se stesso allo specchio*. *Si difende* tana iya zama *difende se stesso*. Irin waɗannan ne masu nahawun Italiyanci ke kira *riflessivo proprio*, kuma a nan kaɗai «kai» yake da hurumi: yana kallon kansa a madubi, yana kare kansa. *Si è ucciso*, a mafi yawan wurare, ya kashe kansa.

Sai dai ko a nan ma kada ka yi gaggawa, domin Hausa tana da sunayenta na ayyukan jiki, kuma su take so. *Mi lavo* ya ci wannan gwaji sarai, amma babu Bahaushen da zai ce «ina wanke kaina» yana nufin yana banɗaki da soso da sabulu. Wanda ya ji haka zai fahimci ko gashinka kake wankewa, ko kuma kana wanke kanka daga wani zargi. Abin da muke cewa shi ne ina wanka. Haka *vestirsi* sa kaya ne, *spogliarsi* tuɓe kaya, *pettinarsi* taje kai, *truccarsi* yin kwalliya, *radersi* aske gemu. A lissafina, cikin aikatau goma masu *si* da za ka ji a yini, da wuya biyu su buƙaci «kansa».

Akwai kuma batun niyya, wanda shi ya kayar da ni a asibiti. Italiyanci yana amfani da siga ɗaya ga abin da mutum ya yi da gangan da abin da ya same shi bisa tsautsayi. *Mi sono tagliato, mi sono scottato, mi sono fatto male*: duka ukun a bakin mutanen gari tsautsayi ne. Hausa kuwa da zarar ta ce «kaina» ta kusa ɗora wa mutum niyya. Hanyarmu ta faɗin tsautsayi ita ce mu mai da abin da ya yi raunin ya zama mai aikin, ko mu bar aikatau shi kaɗai: wuƙa ta yanke ni, na ƙone, na ji ciwo. Idan marubucin Italiyanci yana nufin ganganci, yakan ƙara *apposta* ko *volontariamente*, ko labarin da ke kewaye ya nuna. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka ɗauke shi tsautsayi. In kuwa kana tafinta ne a gaban likita ko hukuma kuma abin bai fito fili ba, ka tsaya ka tambaya.

Tambaya ta biyu: akwai wani karɓau a bayan aikatau?

*Mi lavo le mani.* A nan abin da ake wankewa hannuwa ne, *mi* kuwa yana gaya maka na waye. Italiyanci ba ya cewa «hannuwana» a irin wannan wuri, sai ya ce «hannuwan» ya bar *mi* ya ɗauki mallakar. Hausa tana da sauƙi biyu: ko dai ina wanke hannu, ko ina wanke hannuna. *Si è messo la giacca*, ya sa rigarsa. *Si è rotto una gamba*, ya karye a ƙafa, ko ƙafarsa ta karye. Ka lura ban ce «ya karya ƙafarsa» ba, saboda dalilin niyya da muka ambata. *Mi sono tagliato i capelli* yawanci na yi aski ne, kuma wanzami ne ya yi, ba mai maganar ba.

Idan karɓau ɗin ba gaɓar jiki ba ne ba kuma tufa ba, to ka shigo wani salo da nake matuƙar so. *Mangio una pizza* da *mi mangio una pizza* duka daidai ne, labarin ma ɗaya ne. Abin da *mi* ya ƙara shi ne jin daɗi da sa rai: na zauna na ci don kaina. Turanci yakan rasa yadda zai yi da shi, ya zubar. Mu muna da shi a baki: bari in ci abina. *Mi bevo un caffè*, bari in sha kofina. *Ci facciamo una passeggiata*, mu ɗan taka abinmu. Idan kuma an haɗa shi da *tutto*, nauyin yana komawa kan ƙarewa, sai ka ɗauko aikatau masu ƙarewa da -e: *si è mangiato tutto il riso*, ya cinye shinkafar, *si è bevuto tutta la bottiglia*, ya shanye kwalbar tas.

Tambaya ta uku: mai aikin jam'i ne?

In jam'i ne, ka gwada «juna». *Si aiutano*, suna taimakon juna. *Si odiano*, ba sa ƙaunar juna. *Ci conosciamo da anni*, mun san juna shekara da shekaru. Jimla kamar *si accusano* tana iya zama suna zargin juna ko suna zargin kansu, kuma abin da ke raba gardama shi ne *a vicenda* ko *l'un l'altro*, waɗanda ke tabbatar da juna. Wasu kuma Hausa ta riga ta narkar da junan a cikin aikatau, ba sai an faɗa ba: *si sono incontrati* sun haɗu, *si sono salutati* sun gaisa, *si sono lasciati* sun rabu. *Ci vediamo domani* sallama ce kawai, sai gobe. *Ci sentiamo* kuma sai mun yi waya.

Tambaya ta huɗu: mai aikin abu ne marar rai?

*La porta si è aperta. Il bicchiere si è rotto. Il motore si è spento.* Ƙofa ba ta buɗe kanta ba. Italiyanci yana cewa ne abin ya faru, ba tare da ɗora wa kowa ba. Hausa tana yin wannan da siffar aikatau kanta: ƙofa ta buɗe, kofi ya fashe, inji ya mutu. Wanda ya yi nazarin Hausa a makaranta zai tuna rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Aji na huɗu, masu ƙarewa da -e irin su fashe, karye, tsinke, lalace, shi ne ya fi dacewa a nan. Aji na bakwai, masu ƙarewa da -u, yana shigowa idan maganar ta yiwuwa ce: *questa porta non si apre*, ƙofar nan ba ta buɗuwa, *non si può aggiustare*, ba ya gyaruwa, *questa carne non si mangia*, naman nan ba ya ciyuwa, ko ba a cin naman nan, gwargwadon abin da ake nufi.

A takardun da suka shafi alhaki wannan bambanci yana da nauyi. *Ha rotto il telefono* ya fasa wayar. *Il telefono si è rotto* wayar ta fashe. Akwai ta uku a tsakani, *mi si è rotto il telefono*, inda *mi* yake nuna wanda abin ya shafa: wayata ta fashe, ko wayar ta lalace mini. Mai fassarar da ya mai da ta uku ta zama ta farko ya sa mutum ya amsa laifin da bai amsa ba.

Tambaya ta biyar: shin babu takamaiman mai aiki?

Wannan *si* ɗin ba na komawa kan kowa ba ne, kuma shi ne mafi sauƙi gare mu, domin daidai yake da «a» namu na an, ana, za a, akan. *Qui si parla italiano*, ana jin Italiyanci a nan. *Non si fuma*, ba a shan taba. *Come si dice?*, yaya ake cewa? A allunan gidaje za ka ga *vendesi* da *affittasi*, inda *si* ya koma wutsiya: na sayarwa, na haya. A ofisoshi kuma *si prega di attendere*, ana roƙon a jira. Aikatau yana bin adadin abin da ake magana a kai, *si vende una casa* amma *si vendono case*, sai dai wannan bai shafi Hausarka ba, «ana sayar da» ya wadatar.

Idan aikatau ɗin da ma mai *si* ne kuma aka so a faɗe shi ba tare da mai aiki ba, ba a cewa *si si*. Na farkon yana zama *ci*: *ci si alza presto*, ana tashi da wuri, *ci si abitua*, ana sabawa. Wannan *ci* ba «mu» ba ne.

Idan duk tambayoyin sun faɗi

To *si* ɗin ɓangare ne na kalmar, ba ya fassaruwa shi kaɗai. *Pentirsi* yin nadama ne. *Accorgersi* lura ko ankara. *Vergognarsi* jin kunya, *arrabbiarsi* yin fushi, *ammalarsi* kamuwa da rashin lafiya, *fidarsi* yarda da mutum, *lamentarsi* yin ƙorafi. Wasunsu, kamar *pentirsi* da *accorgersi*, ba a ma amfani da su ba tare da wakilin sunan ba. A ƙamus na Treccani za ka ga an yi musu alamar *intr. pron.*, su kuma na tambaya ta ɗaya *rifl.* Mafi yawansu Hausa tana kama su da «yi» ko «ji» da suna a baya, kamar yadda ka gani.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu fuska biyu, waɗanda ma'anarsu ke sauyawa idan *si* ya shigo. *Trovare* samu ne, amma *dove si trova la stazione?* ina tasha take, kuma *mi trovo bene qui* ina jin daɗin zama a nan. *Sentire* ji ne, *mi sento male* kuwa ba na jin daɗin jikina. *Chiamare* kira ne, *mi chiamo* sunana. *Comportare* jawo wani sakamako ne, *comportarsi* kuwa halin da mutum ya nuna. A wasiƙun hukuma za ka yi ta gamuwa da *recarsi*, zuwa wani wuri, da *rivolgersi a*, tuntuɓar wani ofishi, da *presentarsi*. Wannan na ƙarshe a taro gabatar da kai ne, amma a takardar gayyata daga *questura*, ofishin 'yan sanda mai kula da takardun zama, *presentarsi il giorno* kaza yana nufin ka zo da ƙafarka a ranar. Wanda aka gaya wa «ka gabatar da kanka» yana iya zaton aika takarda ya isa.

Wani abu da ke rikita sabon zuwa shi ne *Lei* na girmamawa, wanda ke amfani da sigar mutum na uku. *Come si chiama?* tana iya zama yaya sunansa, yaya sunanta, ko kuma kai ake tambaya cikin ladabi. Likita zai ce *si accomodi, si spogli, si sdrai*, kuma da kai yake. Idan ina fassara wa dattijo ko dattijuwa nakan ce: Baba, bismillah a zauna, Mama, a ɗan kwanta a nan. «A» namu na girmamawa ya zauna daram a gurbin *Lei*.

Ka kuma riƙa sauraron wasalin ƙarshe a shuɗaɗɗen lokaci, domin shi ke gaya maka jinsi: *si è alzato* ya tashi, *si è alzata* ta tashi, *ti sei alzata?* kin tashi? A *mi sono alzata* Hausa ba ta da inda za ta nuna cewa mace ce ke magana, «na tashi» kawai za ka ce, amma ka riƙe sanin don jimlolin da ke tafe.

Masu wakilin suna biyu, ko masu *ci*, *la*, *ne*

A nan ne Italiyancin titi yake zaune. Masanin harshe Tullio De Mauro ya kira su *verbi procomplementari*, kuma da wannan alama za ka same su a ƙamusinsa. Aikatau ne na yau da kullum da aka liƙa wa *ci*, *la* ko *ne* har ma'anar ta zama sabuwa. Kada ka tambayi mece ce *la* ɗin take wakilta. Ba ta wakiltar komai da za ka iya nunawa da yatsa.

Matakin farko shi ne mayar da abin da ka ji zuwa sigar ƙamus. A gaban *la* da *ne*, wasalin *mi, ti, si, ci, vi* yana komawa -e: *me, te, se, ce, ve*. Don haka *me ne vado* daga *andarsene* yake, *se la cava* daga *cavarsela*. Sai ka dubi wutsiyar. In ta ƙare da *-sela* ko *-sene*, wakilin farko yana sauyawa da mai magana: *me la cavo, te la cavi, se la cava*. In ta ƙare da *-ci* ko *-cela*, ba ya motsi ko kaɗan: *ce la faccio, ce la fai, ce la fa*. Ɗalibai da yawa suna ganin *ce* su fassara «mu», alhali *ce la faccio* ni kaɗai ne.

*Andarsene* ya fi kowanne kusa da mu. *Vado* na tafi ne, kuma kunne yana jiran a ce ina. *Me ne vado* barin wurin ne abin faɗi, ba inda aka nufa ba, kuma Hausa tana da wannan daidai wa daida: na yi tafiyata. *Se n'è andato senza salutare*, ya yi tafiyarsa ko sallama babu. *Vattene!* tafi ka ba ni wuri. A maganar rasuwa ma ana cewa *se n'è andato* don sassautawa, sai ka ce ya riga mu gidan gaskiya.

*Farcela* iyawa ce bayan wahala. *Ce l'ho fatta!* na yi nasara, na kai labari. *Non ce la faccio più* kuwa kukan wanda ƙarfinsa ya ƙare ne: na gaji, ba zan iya ba kuma. *Cavarsela* tana da fuska biyu, kuɓuta daga haɗari da kuma iya abu daidai gwargwado. *Se l'è cavata* ya sha, ya tsallake rijiya da baya. *Me la cavo con l'italiano* ina ɗan taɓa Italiyanci. *Prendersela* jin haushi ne: *non te la prendere*, kada ka sa a ranka, in kuma *con* ya biyo baya, huce haushi ne a kan wani. *Avercela con qualcuno* riƙe mutum ne a zuciya, *ce l'hai con me?* fushi kake da ni? *Non me la sento* ba rashin ji ba ne, rashin ƙarfin zuciyar yin abu ne: raina bai ba ni ba. *Smettila!* daina. *Che c'entra?* me ya haɗa wannan da wancan, *io non c'entro* babu hannuna. *Fregarsene* ko-in-kula ne da ɗan kaushi, *se ne frega* ko a jikinsa. Ba kalmar da za ka faɗa wa babba ba ce, kuma *me ne frego* taken 'yan Fasist ne a zamanin Mussolini, abin da ya kamata mai fassara rubutun tarihi ya sani.

Biyu ne ake yawan cakuɗawa, *metterci* da *volerci*, domin duka suna maganar lokaci. *Metterci* yana da mai shi: *ci metto un'ora*, ina ɗaukar awa ɗaya, *ci ho messo due ore*, na ɗauki awa biyu. *Volerci* ba shi da mai shi, yana bin abin da ake buƙata ne: *ci vuole un'ora*, *ci vogliono due ore*, *ci sono volute due ore*, sai da aka ɗauki awa biyu. *Ci vuole pazienza* kuwa sai haƙuri. Ka kuma raba *metterci* da *mettersi*: *si è messa a piangere* ta fashe da kuka.

A shuɗaɗɗen lokaci akwai tarko guda. Masu *la* suna sa aikatau ya ƙare da -a ko da namiji ne ke magana: *ce l'ho fatta, me la sono cavata, se l'è presa*. Wannan -a ta *la* ce, ba ta mai magana ba, don haka kada ka ga *se l'è presa* ka rubuta «ta ji haushi» sai ka tabbatar daga wani wuri. Masu *ne* kuwa suna bin mai aikin: *se n'è andato, se n'è andata*.

Idan Turanci ake so, ko ta Turanci ka biyo

Turanci yakan zubar da wakilin sunan gaba ɗaya, *mi sveglio* ya zama *I wake up*. Ko ya ɗauko *get*, *arrabbiarsi* ya zama *get angry*, *vestirsi* ya zama *get dressed*. A wurin gaɓar jiki dole ya sa mallaka, *I wash my hands*. Juna shi ne *each other*. *Si* marar mai aiki yakan koma *you*, *people*, ko sigar da ake ɓoye mai aiki, kamar *Italian is spoken here*. Abin da nake so ka kiyaye shi ne biyowa ta Turanci zuwa Hausa. *Mi sono tagliato* a Turanci *I cut myself* ne, kuma a can tsautsayi ne lafiya lau. Mai fassara na biyu da bai ga Italiyancin ba zai ga *myself* ya rubuta «na yanki kaina». Haka *me ne vado* zai zama *I'm leaving*, ya iso Hausa a «zan tafi», an yar da «tafiyata» a hanya alhali muna da ita. In kana da hali, ka fassara kai tsaye.

Mu gwada a kan magana guda

Ga irin bayanin da ma'aikacin gini zai yi bayan haɗari:

*Stamattina mi sono svegliato tardi, mi sono lavato la faccia e me ne sono andato senza mangiare. In cantiere la scala si è rotta e mi sono tagliato la mano con una lamiera. Il capo se l'è presa con me, ma io non c'entravo niente. Ci ho messo un'ora ad arrivare al pronto soccorso. Per fortuna me la sono cavata con tre punti.*

*Mi sono svegliato*: *sono* ya nuna na gidanmu ne, -o ya nuna namiji. Ba wanda ke tada kansa daga barci da niyya, farkawa ce, kuma da *tardi* Hausa tana da kalma ɗaya, na makara. *Mi sono lavato la faccia* yana da karɓau, fuska, don haka na wanke fuska. *Me ne sono andato* daga *andarsene*, barin gida ne abin faɗi: na fita abina. *La scala si è rotta*, mai aikin marar rai ne, tsani ya karye, kuma ba a ɗora wa kowa ba, kada kai ma ka ɗora. *Mi sono tagliato la mano con una lamiera* akwai karɓau, akwai tsautsayi, akwai abin da ya yi yankan. *Lamiera* falan ƙarfe ne irin kwanon rufi, sai mu ba shi aikin: kwano ya yanke ni a hannu.

*Se l'è presa con me*: *presa* ta ƙare da -a, amma *il capo* namiji ne, -a ɗin ta *la* ce. Akwai *con*, saboda haka huce haushi ne. *Non c'entravo niente* daga *entrarci*, ba maganar shiga wani wuri ba ce, babu laifina. *Ci ho messo* yana da *ho*, yana da awa a baya, *metterci* ne. *Me la sono cavata con tre punti* kuɓuta ce, kuma *con* a nan yana faɗin ɗan abin da aka biya kafin a tsira. *Punti* a asibiti ɗinki ne. *Per fortuna* kuwa, a bakin Bahaushen da ya tsira daga haɗari, ba «cikin sa'a» yake fitowa ba.

«Yau da safe na makara, na ɗan wanke fuska na fita abina ban ci komai ba. A wurin ginin tsani ya karye, kwano ya yanke ni a hannu. Maigidan ya huce haushinsa a kaina, alhali babu laifina ko kaɗan. Sai da na ɗauki awa guda kafin in isa sashen gaggawa. Allah ya taƙaita, ɗinki uku kawai aka yi mini.»

Idan fassarar ta kotu ce ko ta kamfanin inshora, nakan bar «Allah ya taƙaita» in rubuta «an yi sa'a», domin a can ba a so ka sa wa mutum kalmar da bai furta ba. «Kaina» sau ɗaya ya fito a duk sakin layin, a «huce haushinsa a kaina», kuma shi ma daga *con me* ya zo, ba daga *mi* ba.